Yadda ake ƙirga tafiye-tafiye tsakanin ɗigo biyu da jadawalin maƙwabtaka

Tambayar ita ce: an ba ka giraf, wato zanen ɗigo-ɗigo da mahaɗan da ke tsakaninsu, an ce ka faɗi yawan hanyoyin da za a bi a tashi daga ɗigo kaza a sauka a ɗigo kaza da taku k daidai, ba ragi ba ƙari. Idan zanen ƙarami ne kana iya bi da yatsa. Da zarar taku ya haura huɗu ko biyar, yatsa zai fara tsallake wasu ya maimaita wasu. Maganin wannan shi ne a mayar da zanen jadawalin lambobi, a ninka jadawalin da kansa sau k − 1, a karanta amsa a gurbi ɗaya.

Kafin a taɓa lissafi sai an daidaita abin da ake nufi da tafiya, domin yawancin amsoshin da ake cewa sun fito ba daidai ba daga nan suke samo asali. Tafiya jerin ɗigo ce wadda kowane biyu da ke bin juna suna da mahaɗi tsakaninsu. Tsawonta shi ne yawan mahaɗan da aka taka, ba yawan ɗigon da aka ziyarta ba. An yarda a koma ɗigon da aka riga aka je, an yarda a sake bin mahaɗin da aka bi, har ma a je a dawo nan take. Saboda haka 1-3-1-3 cikakkiyar tafiya ce mai taku uku daga 1 zuwa 3, ko da yake mahaɗi ɗaya kacal ta yi ta bi.

Gina jadawalin

Za mu yi aiki da giraf mai ɗigo huɗu da mahaɗi huɗu: 1-2, 1-3, 2-3 da 3-4. In ka zana shi za ka ga alwatika ce ta 1, 2, 3, sai 4 da ke rataye a jikin 3 kamar wutsiya.

Matakin farko, ba kowane ɗigo lamba kuma kada ka sake canza ta har a gama. Sannan zana jadawali mai layin kwance huɗu da layin tsaye huɗu. A gurbin da layin kwance na i ya haɗu da layin tsaye na j, rubuta 1 idan akwai mahaɗi daga i zuwa j, rubuta sifili idan babu. Wannan shi ne jadawalin maƙwabtaka, za mu kira shi A.

```
      1 2 3 4
  1 [ 0 1 1 0 ]
  2 [ 1 0 1 0 ]
  3 [ 1 1 0 1 ]
  4 [ 0 0 1 0 ]
```

Dakata ka duba abu biyu kafin ka ci gaba. Tunda mahaɗan ana bin su gaba da baya, gurbin (i, j) dole ya yi daidai da gurbin (j, i). Sannan jimlar duk lambobin jadawalin ta zama ninki biyu na yawan mahaɗai, a nan 8. Idan ka sami 7, ka rubuta wani mahaɗi a gefe ɗaya ka manta da ɗaya gefen, kuma wannan kuskuren zai bi kowane ninki da za ka yi a gaba.

Dalilin da ya sa ninkawa ke ƙirga tafiya

A ninkin jadawali, gurbin (i, j) na A² ana samunsa ne ta ɗaukar layin kwance na i da layin tsaye na j, a ninka lambobinsu biyu-biyu, a tara, inda n shi ne yawan ɗigon:

```
(A^2)[i][j] = A[i][1]*A[1][j] + A[i][2]*A[2][j] + ... + A[i][n]*A[n][j]
```

Dubi kowane yanki shi kaɗai. Yankin da ke da ɗigo m a tsakiya yana zama 1 ne kawai idan akwai mahaɗi daga i zuwa m, kuma akwai daga m zuwa j. In ɗaya ya ɓace, yankin ya zama sifili. Ashe jimlar tana ƙirga ɗigon da za a iya yada zango a kansu ne tsakanin i da j, wanda shi ne yawan tafiye-tafiye masu taku biyu.

Wannan hujjar ce ke hawa mataki-mataki. Duk tafiya mai taku k daga i zuwa j tana da takun farko zuwa wani maƙwabcin i, sai ragowar taku k − 1 daga wannan maƙwabcin zuwa j. Tafiya biyu da suka bambanta a takun farko ba za su zama ɗaya ba, don haka babu wadda za a ƙirga sau biyu, babu kuma wadda za ta kuɓuce. Daga nan ne ƙa'idar ta fito: gurbin (i, j) na A^k shi ne yawan tafiye-tafiye masu taku k daga i zuwa j.

Hujjar ta kuma ba mu gajeriyar hanyar lissafi da hannu. Layin kwance na i a sabon jadawali shi ne jimlar layukan maƙwabtan i a jadawalin da ya gabata. Babu buƙatar ninka sifili da komai.

Lissafin, gurbi-gurbi

Maƙwabtan 1 su ne 2 da 3. Layin 2 a cikin A shi ne (1, 0, 1, 0), layin 3 kuma (1, 1, 0, 1). Jimlarsu (2, 1, 1, 1), kuma shi ne layin farko na A². Maƙwabtan 3 su ne 1, 2 da 4, sai a tara layuka uku a sami (1, 1, 3, 0). Shi 4 maƙwabcinsa ɗaya ne, don haka layinsa kwafin layin 3 ne na jadawalin baya. A maimaita haka a kan A² a sami A³, a kan A³ a sami A⁴:

```
   A^2          A^3          A^4
2 1 1 1      2 3 4 1      7 6  6 4
1 2 1 1      3 2 4 1      6 7  6 4
1 1 3 0      4 4 2 3      6 6 11 2
1 1 0 1      1 1 3 0      4 4  2 3
```

Yanzu a karanta. Gurbin (1, 3) na A³ ya ce 4. Bari mu tabbatar da yatsa tun lambar tana ƙarama: 1-2-1-3, 1-3-1-3, 1-3-2-3, 1-3-4-3. Huɗu cif. Gurbin (1, 4) na A⁴ shi ma 4 ne, kuma ba dacewa ba ce: ba a shiga 4 sai ta 3, saboda haka kowace tafiya mai taku huɗu zuwa 4 ɗaya ce daga waɗancan huɗun, an ƙara mata taku ɗaya a ƙarshe.

Akwai alamomin da ke nuna ko lissafi na kan turba. Gurabun (i, i) na A² dole su ba da yawan maƙwabtan kowane ɗigo, domin hanyar fita a dawo da taku biyu ita ce a je wurin maƙwabci a juyo. Namu sun ba da 2, 2, 3, 1, kuma haka zanen yake. Na biyu, tara gurabun (i, i) na A³ ka raba da 6, za ka sami yawan alwatika. Shidan ta fito ne daga kusurwa uku da za a iya farawa, sau fuska biyu da za a iya zagayawa. A nan 2 + 2 + 2 + 0 = 6, alwatika ɗaya. Idan jimlar ba ta rabu da 6 ba, koma ka nemi inda ka yi kuskuren tarawa. Na uku, lissafa wani gurbin A⁴ ta wata hanya dabam, wato A² sau A². Gurbin (1, 1) zai zama 2×2 + 1×1 + 1×1 + 1×1 = 7, daidai da abin da ke jadawalin.

Ganin sifili kuma ba lallai alamar kuskure ba ne. Gurbin (4, 4) na A³ sifili ne domin 4 ba ya cikin alwatika. A giraf ɗin da ɗigonsa suka kasu gida biyu, kowane mahaɗi yana tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan, wasu gurabun za su riƙa zama sifili a kowane ninki: ba a komawa gidan da aka tashi sai da taku mai rabuwa biyu.

Tafiya dabam, hanya marar maimai dabam

Nan ne aka fi faɗawa rami. Sake duba tafiye-tafiye huɗun nan daga 1 zuwa 3. Babu ko ɗaya a cikinsu da ba ta maimaita ɗigo ba. Wanda aka tambaye shi hanyoyi masu taku uku da ba sa komawa inda suka riga suka bi, ya je ya karanta 4 a jadawali, ya ba da amsar wata tambaya ce. Amsar tasa tambayar sifili ce.

Ga taku biyu babu matsala: idan i da j sun bambanta, kowace tafiya mai taku biyu ba ta da maimai. Ga taku uku akwai gyara mai sauƙi a giraf irin namu. Maimai ba ya faruwa sai i da j maƙwabta ne, kuma iri biyu ne: ko a leƙa wani maƙwabcin i a dawo sannan a tsallaka zuwa j, ko a tsallaka zuwa j sannan a leƙa maƙwabcinsa a dawo. Tafiyar i-j-i-j tana cikin iri biyun, don haka a cire ta sau ɗaya. Idan d(i) shi ne yawan maƙwabtan i, P3(i, j) kuma yawan hanyoyi marasa maimai masu taku uku:

```
P3(i, j) = (A^3)[i][j] - A[i][j] * (d(i) + d(j) - 1),   i != j
```

Ga 1 da 3: 4 − (2 + 3 − 1) = 0, kamar yadda yatsa ya nuna. Ga 1 da 4 babu mahaɗi kai tsaye, babu abin cirewa, amsa 1, wato 1-2-3-4. Daga taku huɗu zuwa sama gyare-gyaren suna yawaita suna cakuɗewa, kuma ba a san wata hanya mai sauri ta ƙirga dogayen hanyoyi marasa maimai a kowane irin giraf ba. Dalilin a bayyane yake: ninkin jadawali ba ya tuna inda aka bi a baya, inda ake yanzu kawai ya sani.

Wata tambayar da ake rikitawa ita ce “taku k ko ƙasa da haka”. Amsarta jimlar A + A² + … + A^k ce, a ƙara jadawalin I, mai 1 a gurabun (i, i) da sifili a sauran, idan ana ƙirga tsayuwa wuri ɗaya a matsayin tafiya mai taku sifili. Wasu kan yanke su lissafa (I + A)^k, su ce ai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Daga 1 zuwa 4 da taku uku ko ƙasa, jimlar gaskiya 0 + 1 + 1 = 2. Amma (I + A)³ = I + 3A + 3A² + A³, wanda ke ba da 3 + 1 = 4 a wannan gurbin, domin yana ƙirga tafiya mai taku biyu sau uku, gwargwadon inda aka saka hutun taku ɗaya. Yana da amfani idan abin da kake son sani shi ne ko ana iya isa, amma ba don ƙidaya ba.

Mahaɗi mai fuska ɗaya, da mahaɗai biyu a wuri ɗaya

Idan mahaɗan kibiyoyi ne, ƙa'idar tana nan, sai dai a tsayar da magana ɗaya: layin kwance shi ne inda aka tashi, layin tsaye inda aka nufa. Mayar da girafinmu ya zama 1→2, 2→3, 3→1, 3→4. Gurbin (1, 4) na A³ zai zama 1, gurbin (4, 1) kuma sifili a kowane ninki, tunda babu kibiyar da ta fita daga 4. Wasu littattafai suna rubuta jadawalin a juye, layin tsaye ne mafari, don haka in ka kwafo jadawali daga wani wuri gwada shi da kibiya ɗaya da ka sani kafin ka amince. Haka kuma ƙidayar alwatika ta canza: a raba da 3, domin zagayen fuska ɗaya yake bi.

Idan kuma akwai mahaɗi fiye da ɗaya tsakanin ɗigo biyu, yawansu ake rubutawa a gurbin. Gadojin birnin Königsberg, wanda ake kira Kaliningrad a yau, su ne sanannen misali, waɗanda Leonhard Euler ya yi nazarinsu a 1736. A lokacin, kogin Pregel ya raba garin yanki huɗu, gada bakwai ta haɗa su: biyu daga tsibirin Kneiphof zuwa gaɓar arewa, biyu daga tsibirin zuwa gaɓar kudu, ɗaya daga tsibirin zuwa yankin gabas, sai ɗaya-ɗaya daga yankin gabas zuwa kowace gaɓa. Hanya nawa ce daga gaɓar arewa zuwa ta kudu da tsallaka gada biyu? Ta tsibiri 2×2 = 4, ta gabas 1×1 = 1, jimla 5. Wanda ya rubuta 1 a inda ya kamata ya rubuta 2 zai sami 2, kuma wannan ƙidayar jerin yankuna ce, ba ta gadoji ba.

Lura cewa alamar nan ta gurabun (i, i) ba ta aiki a nan. Tsibirin yana da gada biyar, amma gurbinsa a A² shi ne 4 + 4 + 1 = 9, domin ana iya fita ta wata gada a dawo ta 'yar'uwarta. Tambayar Euler kanta, ko za a iya bin kowace gada sau ɗaya tak, ninkin jadawali ba ya amsa ta, saboda dalilin rashin tunawa da muka ambata.

Saura mahaɗin da ya tashi daga ɗigo ya koma kansa. Wasu kan rubuta masa 2 a gurbin (i, i) don jimlar layi ta dace da ƙidayar bakin mahaɗai. Idan kana ɗaukar zagaya shi a matsayin taku ɗaya mai hanya ɗaya, rubuta 1, in ba haka ba duk tafiyar da ta bi ta kansa za ta ninku.

Idan k ko n ya girma

Sau da yawa mafari ɗaya kawai ake tambaya a kai, kuma a nan ɓarnar ƙarfi ce a lissafa dukan jadawali. Riƙe layi ɗaya. Fara da (1, 0, 0, 0), wato kana tsaye a ɗigo 1. A kowane taku, sabuwar lambar ɗigo ita ce jimlar tsofaffin lambobin ɗigon da ke da mahaɗi zuwa gare shi:

```
k=4:    7    6    6    4
k=5:   12   13   17    6
k=6:   30   29   31   17
k=7:   60   61   76   31
k=8:  137  136  152   76
```

Tafiye-tafiye masu taku takwas daga 1 zuwa 4 su 76 ne. Aikin kowane taku bai wuce gwargwadon yawan mahaɗai ba, alhali ninka cikakken jadawali mai ɗigo n yana cin ninki n³ ta hanyar da aka saba. Ga ɗigo dubu, wannan biliyan ɗaya ke nan a kowane zagaye. A babban giraf mai ƙarancin mahaɗai, riƙe layi ɗaya ya fi nesa ba kusa ba.

Idan kuwa giraf ƙarami ne amma k babba, sai a riƙa ninka jadawali da kansa. Don samun A¹³, lissafa A², A⁴, A⁸ da ninki uku, sannan haɗa A⁸ × A⁴ × A da ninki biyu, tunda 13 = 8 + 4 + 1. Ninki biyar maimakon goma sha biyu. Gwada da namu: gurbin (1, 4) na A⁴ sau A⁴ shi ne 7×4 + 6×4 + 6×2 + 4×3 = 76, ya dace da na sama.

A kwamfuta, da Python da NumPy, aikin bai wuce haka ba:

```python
import numpy as np
A = np.array([[0,1,1,0],
              [1,0,1,0],
              [1,1,0,1],
              [0,0,1,0]], dtype=object)
W = np.linalg.matrix_power(A, 8)
print(W[0, 3])   # 76
```

Python yana fara ƙirga daga sifili, shi ya sa ɗigo 1 da 4 suka zama `W[0, 3]`. Kada ka rubuta `A**8` ko `A*A` a kan `np.array`: waɗannan suna ninka kowane gurbi da kansa ne, kuma tunda 0 da 1 ba sa canzawa, jadawalin da ka saka shi zai dawo maka. Idan sakamakonka ya fito sak A, wannan ne ya faru. Alamar ninkin jadawali ita ce `@`. A Excel kuma `MMULT` ake amfani da shi.

Shi kuwa `dtype=object` yana nan ne saboda girman lambobi. Ƙidayar tana haɓaka da sauri: a wannan ɗan girafin kowane taku yana ninka ta kusan sau 2.17 idan tafiya ta yi nisa. Cikakkiyar lamba mai bit 64 tana tsayawa a 9,223,372,036,854,775,807, kuma girafinmu mai ɗigo huɗu kacal yana ƙetare wannan kafin k ya kai 60. Mai bit 32 tun wajen k = 30 take cika. Abin haɗarin shi ne NumPy ba ya tsayawa ya yi gargaɗi a ninkin jadawali. Lambar tana kewayowa ne kawai. Wani lokaci za ka ga amsa mai alamar debewa, ka gane nan take. Wani lokaci kuma ta fito lafiya ƙalau a ido alhali ba daidai ba ce. Komawa `float64` ba ya warware matsalar, domin daga 2⁵³ zuwa sama lambobin ƙarshe sun fara zama kintace, a misalinmu wajen k = 50. Da `dtype=object` ana amfani da cikakkun lambobin Python waɗanda ba su da iyaka, sai dai aikin zai yi nauyi a babban jadawali. Idan kuma ragowar amsa kawai ake nema bayan an raba da wata lamba, kamar 1,000,000,007 da aka saba gani a gasar rubuta manhaja, a ɗauki ragowar bayan kowane ninkin lamba biyu kafin a tara, domin ninki ɗaya na lambobi masu wannan girma yana shiga bit 64, amma tara goma daga cikinsu na iya cika shi.